Yadda za ka ci gaba da riƙe ciwon suga idan ɗawainiyarsa ta ishe ka

Akwai wani tela da yake zuwa asibitinmu ranar masu suga, shekararsa 52, bakwai daga ciki da ciwon ya yi su. Wata rana ya miƙo mini littafin da yake rubuta awon sugansa. Shafi biyu cike tsaf, kowace safiya 110, 115, 120, duk da biro ɗaya, rubutun ma ko karkacewa bai yi ba. Sai ga sakamakon gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya fito 10.1, alhali bara 7.4 ne. Na ce, "Malam, yaushe rabonka da soka yatsa?" Ya yi shiru, ya cire hula ya shafa kai, sannan ya ce, "Wallahi Sista, tun kafin azumi. Wannan a bencin waje na cika shi ɗazu. Na gaji ne kawai."

Mutumin nan ba jahilin ciwonsa ba ne. Ya san abin da suga yake yi wa ido da ƙoda da ƙafa, don a gabansa aka yanke wa yayansa yatsu biyu. Abin da ya same shi yana da suna a likitance tun 1995, lokacin da William Polonsky da abokan aikinsa a cibiyar Joslin da ke Boston suka fitar da tambayoyi 20 na auna ƙuncin da ɗawainiyar ciwon suga take jefa mutum. Da aka tattara bincike masu yawa a 2017, an ga kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon suga nau'i na biyu, wato wanda aka fi samu a manya, yana cikin wannan ƙunci. Idan ya daɗe ba a kula ba, sai ya kai mutum ga ƙosawa: ya ajiye mitar awon suga, ya daina zuwa asibiti, magani kuwa sai ranar da ya tuna.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da muka bi da shi. Ginshiƙinta ɗaya ne: wanda kaya ya yi wa nauyi ba a ce masa ya ƙara ƙoƙari, rage masa ake yi, amma sai an san wanne ake saukewa, wanne ne ba a taɓawa.

Mataki na 1: Gane abin da yake damunka

Alamomin ba a ɓoye suke ba, sai dai mutum yakan ba su wani suna, ya ce mantuwa ce ko aiki ne ya yi yawa. Ka ga mita gabanka ya faɗi. Ka gwada, lambar ta fito sama, ka wuni kana jin haushin kanka. Ranar asibiti ta zo ka sami uzuri. Wani ya ce "an sha magani kuwa?" ka ji kamar ya zage ka. Ko ka kai inda kake cewa, ai ko na kiyaye ko ban kiyaye ba duk ɗaya ne.

Akwai tambayoyi biyu da ake tantancewa da su. Ka dubi watan da ya wuce, ka ba kowacce maki daga 1, wato ba ta dame ka ba, zuwa 6, wato ta dame ka matuƙa. Ta farko: kana jin hidimar zama da ciwon suga ta fi ƙarfinka? Ta biyu: kana jin sau da yawa kana gazawa wajen bin tsarin da aka ɗora maka? Idan ka haɗa makin ya kai 6 ko ya wuce, maganar ta isa a kai wa likita. Telanmu 5 da 6 ya ba kansa.

Sai kuma ka raba wannan da ciwon damuwa, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai ƙuncin suga yana dariya a majalisa, yana jin daɗin jikokinsa, sai an ambaci suga ransa yake ɓaci. Mai ciwon damuwa kuwa komai ne ya fita daga ransa: mako biyu ko fiye kusan kullum zuciya a cunkushe, abin da yake so a da ba ya burge shi, barci da cin abinci sun rikice. Wannan yana buƙatar likita ya duba shi a kan kansa. Idan har tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ko mutum ya bar magani da niyyar ya huta da duniya, ba a jira ranar kati. A faɗa wa wani na kusa a ranar, a tafi asibiti. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware.

Kada kuma a manta da jiki. Suga idan ya hau, shi kansa yana kawo kasala. Wanda yake tashi fitsari sau huɗu a dare ba zai wayi gari da kuzarin yin komai ba. Ƙarancin jini ma yana yin haka. Wani ɓangare na "na gaji" yakan tafi da kansa idan suga ya ɗan sauka.

Mataki na 2: Ware abin da ba a ajiyewa ko da an gaji

Kafin a yi maganar hutu, sai an ja layi. A ƙasan layin nan abu uku ne kawai.

Na farko magani. Mai nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan, ba shi da ranar hutun allura. Idan ya bari, cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ƙasa da haka, jini yakan cika da guba mai tsami: amai, ciwon ciki, ƙishi mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, baki yana wari kamar 'ya'yan itacen da suka nuna sosai. Wannan asibiti ne nan take. Mai shan ƙwayar maganin suga ba ya faɗuwa da sauri haka, shi ya sa ma ya fi saurin yaudarar kansa, amma shi ma idan mita ta nuna `HI`, wato suga ya wuce abin da take iya aunawa, ko ta yi ta wuce 300 ga bushewar baki da ruɗewa, ba zaman gida ba ne.

Na biyu, abin zaƙi a aljihu ga duk mai allura ko mai shan ƙwayar da take iya faɗar da suga irin su gilibenkilamid. Idan suga ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ko ka ji rawar jiki da gumi da yunwa mai cin rai, ka sha giram 15 na suga: ƙananan cokulan shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. Ka jira minti 15, ka sake gwadawa. Idan bai tashi ba ka maimaita, idan ya tashi ka ci abinci.

Na uku, duba ƙafa. Wannan ba ya cin lokaci. Mai alwala yana wanke ƙafarsa sau da yawa a rana, abin da ya rage kawai ya kalle ta sau ɗaya, ya leƙa tsakanin yatsu da tafin ƙafa, ya tsane su. Gyambo, bororo, ko faso da ya fara ruwa, a kai asibiti, ba a jira.

Duk sauran, yawan gwaji, rubutu a littafi, tsarin abinci, motsa jiki, ana iya sassauta su na ɗan lokaci da sanin likita.

Mataki na 3: Nemo takamaiman abin da ya ƙosar da kai

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin gaggawa. "Na gaji da ciwon" magana ce mai faɗi, ba a iya gyara ta. Ka ɗauki takarda ka ƙarasa wannan jimla sau uku: abin da na fi tsana a hidimar ciwon nan shi ne kaza. Masana sun kasa ƙuncin nan gida huɗu: nauyin da ke zuciya, wahalar tsarin kullum, abin da ke tsakaninka da ma'aikatan lafiya, da abin da ke tsakaninka da iyali. Amsarka za ta faɗa ɗaya daga ciki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da telanmu ya zauna ya yi, ga abin da ya fito. Tuwon alkama. Shekara bakwai matarsa tana tuƙa masa nasa daban kowane dare, yara suna cin na shinkafa da miyar taushe, shi yana gefe da ƙaramin kwanonsa kamar baƙo. Na biyu, wata safiya gab da Sallah ya sha gilibenkilamid ya fita shago bai karya ba, ɗinki ya rufe shi, wajen ƙarfe sha biyu ya yanke jiki ya faɗi a kan keke a gaban yaransa. Tun ranar yake tsoron ƙwayar, sai ya riƙa tsallake ta, daga baya ya haɗa har da ɗaya ƙwayar tasa, metfomin. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na uku, kuɗin tsinken gwaji, ga shi duk gwajin da ya yi ba abin da yake canzawa, sai dai a yi masa faɗa.

Ka lura, babu ɗaya a cikin ukun da wa'azi zai warware. Kowanne yana da gyara na zahiri.

Mataki na 4: Kai wa likita gaskiyar, ka nemi a sauƙaƙa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Littafin da aka cika a benci haɗari ne, ba don ƙarya ba kawai. Idan likita ya ga HbA1c ya hau kuma ka ce kana shan magani yadda aka ce, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara ƙarfinsa. Ranar da ka dawo shan komai gaba ɗaya, suga ya faɗi warwas.

Layin asibiti dogo ne, likita ba shi da lokaci, don haka ka shirya maganarka tun daga gida, ka fara da ita kafin a fara rubutu: "Likita, a mako ina tsallake magani kamar sau biyar, ga kuma dalilina." Sannan ka yi tambayoyi ƙayyadaddu. Za a iya rage yawan lokutan shan magani? Idan metfomin yana murɗa maka ciki ko yana sa ka gudawa, ka faɗa, don shan sa a tsakiyar abinci yana rage hakan, kuma akwai nau'insa mai narkewa a hankali da ake iya sha sau ɗaya a rana. Idan kuɗi ne, ka faɗi abin da kake iya saye a wata, gara a rubuta maka daidai da shi da a rubuta mai tsada ka riƙa raba ƙwaya biyu. Ka kuma tambayi lambar da ake so ka kai, kai ɗin nan. Ga yawancin manya ana neman 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci, HbA1c kuma ƙasa da 7, amma ga tsoho ko wanda suga yake yawan faɗar masa akan sassauta zuwa wajen 8. Wasu suna azabtar da kansu a kan lambar da ba tasu ba ce.

Likitan telanmu ya cire masa ƙwayar da ta kayar da shi, ya musanya da wadda ba ta faye faɗar da suga ba, ya bar metfomin safe da dare. Ya kuma gaya masa wata magana da nake ganin kowa ya kamata ya ji tun ranar farko: nau'i na biyu ciwo ne mai tafiya, ƙarfin jiki na yin insulin yana raguwa da shekaru ko ga mai kiyayewa. Ƙarin magani, ko komawa allura, ba tarar laifi ba ce.

Mu ma ma'aikata muna da namu laifin. Mutum ya biya kuɗin mota, ya yi awa uku a layi, abin da zai fara ji shi ne "me ka ci?" Wanda aka yi wa haka sau uku zai koyi cika littafi a benci.

Mataki na 5: Rage gwaji, amma kowane gwaji ya amsa tambaya

Wannan ga masu shan ƙwaya ne. Mai allurar insulin, da mai juna biyu, kada su rage gwaji sai da shawarar likitansu.

Soka yatsa kowace safiya a rubuta lamba, ba tare da an yi komai da ita ba, yana cinye kuɗi da haƙuri. Mun mayar da telanmu tsinke huɗu a mako, ana amfani da su bibbiyu: ɗaya kafin abinci, ɗaya awa biyu bayan loma ta farko. Abin da ake nema shi ne tazarar da ke tsakani.

Makon farko ya gwada tuwon alkamarsa, malmala biyu kamar yadda ya saba: 150 kafin ci, 265 bayan ci. Ya dawo yana salati. Shekara bakwai yana cin abin da ba ya so, ashe garin alkama ma sitaci ne, kuma yawan abin da aka ci shi ne babbar magana. Bayan kwana uku ya ci tuwon gidan tare da yara, malmala ɗaya, miya mai ganye da yawa da ɗan kifi, sannan ya taka zuwa masallacin da ke bakin titi maimakon na ƙofar gida, tafiyar kamar minti 15 zuwa da dawowa: 148 kafin ci, 192 bayan ci. Bai kai 180 ba tukuna, amma a karon farko lambar ta koya masa wani abu. Kai ma ka gwada naka, don jiki ya bambanta, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita.

Zafin sukar ma ana rage shi. Ka wanke hannu da sabulu ka tsane, don ragowar mangwaro ko dabino a yatsa yana ɗaga lamba a banza. Ka soki gefen yatsa, ba tsakiyar da kake taɓa abu da ita ba. Ka rage zurfin allurar a jikin alƙalamin sukar yatsa, ka riƙa canza yatsa, ka kuma canza allurar, don wadda ta dakushe ta fi zafi. Telan da yake riƙe zare duk wuni ya ji bambancin nan take.

Idan lamba ta fito sama, tambaya ɗaya za ka yi: me ya faru kafin nan? Abinci ba shi kaɗai yake ɗaga suga ba. Zazzaɓi, rashin barci, tashin hankali, ciwon haƙori, da magungunan ƙaiƙayi ko ciwon gaɓɓai masu sitiroyid da ake saye a kemis, duk suna yi. Insulin da rana ta dafa shi ma ƙarfinsa yana raguwa, shi ya sa inda ba wuta ake sa shi a leda a ajiye a sanyin randa.

Mataki na 6: Rataya magani a jikin abin da ka riga ka saba

Tunawa aiki ne, kuma wanda ya gaji ba shi da rarar ƙarfin yin sa. Ka haɗa ƙwayar safe da karin kumallo, ta dare da abincin bayan magariba, ka ajiye su inda kake zama ka ci, nesa da hannun yara, ba can cikin durowa ba. Ranar Juma'a ka kasa na mako guda a ɗan akwatin nan mai gida bakwai, ta yadda da kallo ɗaya za ka san ko ka sha. Idan ka tsallake, kada ka haɗa biyu a lokaci na gaba.

Mataki na 7: Ba mutanen gida aiki, ka karɓe musu sandar tsaro

Iyali suna so ne, amma sonsu yakan koma gadi. A gidan biki a ɗauke maka kwano a gaban jama'a, ɗanka na cikinka ya ce "Baba, an hana ka." Abin da hakan yake haifarwa shi ne ci a ɓoye. Telanmu ya amsa cewa a shago yake aika yaro ya sayo masa lemo.

Mun kira matarsa muka zauna mu uku. Abin da ya roƙa kaɗan ne: tukunya ɗaya ga kowa, a zuba masa nasa daidai misali, rabin faranti ganye ko kwaɗon zogale ko rama, kwata nama ko kifi ko ƙwai, kwata tuwo ko shinkafa. A daina tambayarsa lamba sai shi ya faɗa. Ita kuma ta riƙe akwatin magani ta cika shi ranar Juma'a. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ni ma tuƙin tuwo biyu kullum ya ishe ni, Malam, kunya ce ta hana ni faɗa."

Ka kuma ware wa kanka sassauci da saninka. Ranar suna ko Sallah ka zaɓi abu ɗaya da kake marmari, ka ci kaɗan cikin mutane, ka bar lemon kwalba, ka sha maganinka, ka taka bayan ci. Wanda ya tsara haka washegari yana kan hanya. Wanda aka hana komai, ranar da ya ɓalle yakan yi mako bai dawo ba. A irin wannan lokaci ne kuma mai lasifika a bakin kasuwa yake shiga rai, mai cewa jarka ɗaya ta raba ka da suga har abada. Idan ka ji zuciyarka ta fara karkata can, ka ɗauke shi alamar gajiya ta dawo, kuma ko me ka sha kada ka ajiye na asibiti, ka faɗa wa likita.

Mataki na 8: Mayar da sauran kaya ɗaya bayan ɗaya

Idan magani ya zauna mako biyu cur, ka ƙara abu guda, ƙarami, mai lokaci da adadi. "Zan riƙa motsa jiki" ba ya yiwuwa. "Zan taka minti 10 bayan abincin dare, Litinin da Laraba da Asabar" yana yiwuwa. Ka tambayi kanka, cikin goma nawa nake da tabbacin zan yi? Idan bai kai bakwai ba, ka rage shi har ya kai. Bayan mako biyu ka ƙara wani, misali rage sugan shayi daga cokali uku zuwa ɗaya.

Bayan wata uku telanmu ya dawo da HbA1c 8.6. Littafinsa duk gibi ne, akwai 240 a ciki da ya rubuta "ɗaurin aure" a gefenta, akwai mako guda da babu komai. Tambayoyin nan biyu ya ba su 3 da 2. Tashin fitsarin dare ya koma sau ɗaya.

Da ɗinkin babbar Sallah ya matso, mun san inda zai sake zamewa, don haka muka tsara tun kafin lokacin. Makonni ukun nan babu littafi, gwaji biyu kawai a mako, ƙwaya safe da dare ba fashi, kuma ba ya hawa keke sai ya karya. Babban yaron shagonsa aka nuna wa inda ƙullin suga yake a durowar zare, aka kuma rubuta masa ranar dawowa asibiti, Talata ta biyu bayan Sallah, a bayan katinsa.